Ku duba min wannan wasiƙa kafin in kai wa kwamitin masallaci: batun ƙarar lasifika da asuba

Baban Sumayya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan wasiƙar da zan kai wa kwamitin masallacinmu. Gidanmu na daf da masallacin, tsakanin hasumiya da tagar ɗakin mahaifina bai wuce taku ashirin ba, kuma ɗaya daga cikin lasifikoki huɗun da ke sama bakinta a kan tagar yake. Mahaifina yana jinyar shanyewar ɓarin jiki, barci ba ya ɗaukarsa sai dare ya raba. Ana kunna karatu tun kafin kiran farko, a yi kiran farko, a ci gaba da karatu da tunatarwa har zuwa kira na biyu, sannan sallah da azkar, duk a lasifikar waje. Idan ya farka a firgice ba ya komawa. A masallacin nake sallah, ba na son abin da zai ɓata tsakanina da su. Ga abin da na rubuta:

"Zuwa ga kwamitin masallaci. Muna kawo ƙorafi a kan hayaniyar lasifika da asuba, wadda take hana mutanen unguwa barci. Addini bai yarda da cutar da maƙwabci ba. Muna fata za ku ɗauki mataki cikin gaggawa ku rage ƙarar, don kada abin ya kai ga hukuma. Na gode."

Me zan gyara?

Abbati:
Wa alaikumus salam. Subhanallah. Kiran sallar asuba ai don a tayar da mai barci ake yinsa. Ladan yana cewa sallah ta fi barci alheri, kai kuma kana neman a bar mutane su yi barci? Ka ji tsoron Allah, Yaya. Ni dai ba na cikin masu taimaka wa a rufe bakin masallaci.

Baban Sumayya:
Ƙanina, ba kiran sallah nake so a hana ba, ni ma da shi nake tashi. Abin da ke gabansa da bayansa ne, sai kuma lasifika ɗaya da ta kalli ɗakin mara lafiya.

Hajiya Uwa:
To ka gani, ɗana. Abbati ya riga ya nuna maka yadda kwamiti zai karanta takardar nan. Shi da ba ya da hannu a ciki ya ɗauka kiran sallah kake faɗa da shi, ina ga ladanin da ke baro shimfiɗarsa cikin sanyi ya zo ya yi kira ba don a biya shi ba? Abin da ka gaya wa Abbati yanzu shi ya kamata ya zama layin farko, amma babu shi a takardar ko kaɗan.

Ka cire "hayaniya", domin karatun Alƙur'ani ne ake sawa, kuma duk wanda ya ga ka kira shi haka ba zai karanta sauran ba. Ka cire batun hukuma gaba ɗaya. Sannan wa ya wakilta ka ka yi magana da yawun mutanen unguwa? Mutum ɗaya a kwamiti ya ce shi ma ɗan unguwa ne kuma bai damu ba, maganarka ta faɗi. Ka yi magana a kan mahaifinka. Wannan babu mai musa maka, wataƙila ma da yawansu sun zo duba shi.

Malam Na'ibi:
Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya sa kaffara ne. Hajiya ta yi gaskiya. Bari in ƙara da abin da zai sa ka tsaya da ƙafarka idan an zauna, domin a nan akwai abubuwa biyu da hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma wasiƙarka ta haɗe su.

Kiran sallah ana son ɗaga murya a cikinsa. Lokacin da Abdullahi ɗan Zaidu ya ga lafuzzan kiran a mafarki, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya koya wa Bilalu saboda muryar Bilalu ta fi tasa kaiwa nesa. A Buhari kuma akwai hadisin Abu Sa'idil Khudri da ke kwaɗaitar da ladan ya ɗaga murya, domin duk abin da ya ji shi zai yi masa shaida ranar alƙiyama. Kiran farko ma yana da asali: Bilalu yana kira da sauran dare, Ibnu Ummi Maktum yana kira idan alfijir ya keto. A Risala ta Ibnu Abi Zaid an ce babu laifi a kira asuba a cikin sudusin dare na ƙarshe. Saboda haka idan ka taɓa ɗaya daga cikin kiran biyu, za a kawo maka waɗannan, kuma da gaskiyarsu.

Karatu, azkar da sallar kanta wani babi ne dabam. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Sa'id ɗin nan dai cewa Annabi yana i'itikafi sai ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya gaya musu cewa kowannensu yana ganawa ne da Ubangijinsa, kada sashe ya cutar da sashe, kada wani ya ɗaga murya a kan wani. Ka lura, a cikin masallaci ne wannan, tsakanin masu ibada. Ina ga mai nafila a ɗakinsa, ko mace mai sallah a gida, ko mara lafiya? Malik ma ya kawo makamancinsa a Muwaɗɗa. A cikin malaman wannan zamani, Shaikh Ibnu Usaimin ya yi fatawa a kan cewa bai kamata a fitar da sallah ta lasifikar hasumiya ba idan tana damun maƙwabta da sauran masallatai, kuma da irin wannan hadisin ya kafa hujja.

Amma ga shawarata: kada ka zuba duk wannan a cikin wasiƙar. Liman ya san su. Idan ka jera masa hadisai biyar zai ji kamar kana ba shi karatu a gaban mutanensa. Guda ɗaya ya isa, ka sa shi da sigar tunawa da abin da su ne suka koya maka.

Ɗan Makaranta:
Ai ko a Saudiyya an hana lasifikar waje gaba ɗaya tun 2021. Ka rubuta musu haka kawai. Idan ƙasar da Harami yake ta hana, wa zai yi gardama?

Malam Na'ibi:
Ba haka aka yi ba, ɗan'uwa. A 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama, ta ce kada ƙarfin ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ba a hana kira ba. Indonesiya ma a 2022 ma'aikatar addininsu ta fitar da takarda: iyakar ƙara desibel 100, karatu kafin kiran asuba a lasifikar waje kada ya wuce minti 10, sallah da zikiri da karatun bayan asuba kuma a lasifikar ciki. Waɗannan suna da amfani a matsayin shaida cewa raba ciki da waje ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Sai dai ni da zan bar su a baki, in an tambaya. Akwai wanda da ya ji sunan wata ƙasa sai maganar ta koma ta aƙida da ɓangaranci, a manta da dattijon da ke kwance.

Mai Sauti:
Salamu alaikum. Haɗa kayan sauti ne sana'ata, masallatai ma ina yi musu. Baban Sumayya, babban raunin wasiƙarka a wurina shi ne "ku rage ƙarar". Za su ce to, ladan ya ɗan murɗa maɓalli baya, kwana kaɗan wani daga ƙarshen layi ya ce shi bai ji kira ba ya makara, a mayar da shi yadda yake ko a ƙara. Ka roƙi abin da za a yi sau ɗaya ya zauna. Amma ka fara ba ni amsa: ɗakin a sama yake ko a ƙasa? Ka taɓa aunawa? Kuma muryar tana fita tas, ko tana tsagewa?

Baban Sumayya:
A sama yake, kusan tsayi ɗaya da lasifikar. Na auna da manhajar waya, taga a rufe tana nuna tsakanin desibel 66 da 70, a buɗe tana haura 80. Kafin a kunna, wajen 30 da 'yan kai ne. Muryar tana tsagewa idan ladan ya ja, kuma akwai amsa-kuwwa sosai.

Mai Sauti:
To lissafin ya yi daidai da abin da na zata. Bari in bi da kai a hankali.

Irin lasifikar nan mai buɗaɗɗen baki da ake ɗorawa a hasumiya, da wat ɗaya kacal tana ba da kamar desibel 105 zuwa 110 idan ka tsaya mita ɗaya a gabanta. Mu ɗauki 105. Idan amfilifaya tana tura mata wat 10, ya zama 115. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, desibel 6 ne ke raguwa: mita 2 ya zama 109, mita 4 ya zama 103, mita 8 ya zama 97, mita 16 ya zama 91. Taku ashirin ɗinka kusan mita 15 ne, ke nan kamar 91 ne ke dukan tagar daga waje. Rufaffiyar taga ta cinye ashirin da wani abu, shi ne ka ga 66 zuwa 70 a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 1999 ta ce don barci mai kyau, ɗakin kwana ya tsaya wajen desibel 30, ƙarar da ke zuwa farat ɗaya kuma kada ta wuce 45. Ka ga ratar da ke tsakani.

Yanzu ka ci gaba da ninkawa, don ka ga ɓangaren kwamiti. Mita 32 ya zama 85, mita 64 ya zama 79, mita 128 ya zama 73, mita 256 ya zama 67. A fili ke nan, gine-gine za su ci wani abu. Ko da an rage desibel 10, mutumin da ke mita 256 yana samun wajen 57 a ƙofar gidansa, a lokacin da gari ya yi tsit. Da asuba ma sauti ya fi tafiya, domin iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai ta riƙa lanƙwaso sautin ƙasa maimakon ya tashi sama. Shi ya sa saitin da ya dace da azahar, lokacin da ababen hawa ke kai-komo, ya yi yawa da asuba. Yawanci maɓalli ɗaya ake bari a wuri ɗaya dare da rana.

Abin da zan ce ka roƙa na farko shi ne a juya bakin lasifikar nan guda ɗaya. Irinta kamar tocila take, inda ta kalla nan ƙarfinta yake. Idan aka kautar da ita daga tagar zuwa tsawon titi, ko aka ɗaga ta ta wuce rufin gidajen kusa, za ka iya samun ragin desibel 6 zuwa 10 a ɗakin, kuma na nesa ba su rasa komai ba, wani lokacin ma sun fi ji. Aikin sifana da tsani ne.

Na biyu, makunni a kan layin da ke fita waje, yadda ladan zai kunna lokacin kira, ya kashe idan ya gama, na ciki su ci gaba. Wasu amfilifayoyin suna da maɓallan raba sashe tun daga kamfani, ba a dai haɗa wayoyin ta nan ba ne. Amma kada a sa yaro ya yanke waya ya ɗaura makunni. Idan an jera lasifikokin a kan layi ɗaya, cire wasu yana canza nauyin da amfilifaya ke ɗauka, ko ya kashe na cikin ma. A kira mai aikin.

Ɗan Makaranta:
Amma ba sai a mayar da maɓallin rabi ba? Idan yana kan 10 a sa shi a 5, ƙara ta ragu da rabi, magana ta ƙare.

Mai Sauti:
Zai ragu, amma lambar jikin maɓalli ba ma'auni ba ce, kowace na'ura da yadda take. Kuma kunne ba haka yake lissafi ba. Idan ka raba ƙarfin wuta biyu, desibel 3 kawai ka rage, da ƙyar mai barci zai san an yi wani abu. Kafin kunne ya ce ƙara ta koma rabi sai an rage wajen desibel 10, wato ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Sannan babban maɓalli yana rage dukkan lasifikoki huɗun ne, har waɗanda ba su dami kowa ba, kuma daga nan ƙorafin na nesa ke tasowa. Idan layinsu irin na bolt 100 ne, a bayan kowace lasifika akwai zaɓin wat, misali 30, 15 da 7.5. A sauke wadda ta kalli gidan daga 30 zuwa 7.5, desibel 6 ke nan a kanta ita kaɗai, sauran ukun suna nan yadda suke.

Batun tsagewar murya kuma, wannan ya fi ƙarfin ƙara tayar da mutum a firgice. Yana faruwa idan an ƙure maɓallin MIC har sautin ya fi ƙarfin abin da na'ura za ta iya fitarwa, ko ladan ya manna baki da makirufo. A sauke MIC, a daidaita da MASTER, a rage ECHO, ladan ya bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da makirufo. Idan an samu saitin da ya yi, a sa alamar fenti biyu a jikin maɓallin, ɗaya ta asuba ɗaya ta rana. Wannan gyaran masallacin ma yake amfana, domin lasifikar da ake ƙurewa ita ce ke yawan ƙonewa.

Abu ɗaya: kada ka dogara da lambar waya kamar hujjar kotu. Wayoyi suna kuskuren desibel da yawa, kuma ba su yarda da juna ba. Amfaninta shi ne waya ɗaya, wuri ɗaya, kafin gyara da bayan gyara.

Maman Walid:
Allah ya ƙara sauƙi. Ni aikin dare nake a asibiti, wasu ranakun kuma ina gida da jariri. Inda muka taɓa zama, wani maƙwabcinmu ya zagaya gida-gida ya tara sa hannu, har da na maigidana, aka kai takarda. Kwamitin ya ɗauka taron dangi aka yi musu. Ranar Juma'a aka yi magana a kan masu ƙin jin sunan Allah, ba a ambaci kowa ba amma kowa ya san da wa ake. Ba a rage komai ba, gaisuwa ma ta yi wuya. Don haka ni ban ga amfanin wasiƙa ba sam. Ka samu liman shi kaɗai bayan isha'i ka gaya masa. Takarda tana zama, kowa ya karanta ta da irin fahimtarsa.

Dattijo Ladan:
Assalamu alaikum, 'ya'yana. Na daɗe ina kiran sallah, na kuma zauna a kwamiti, bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki. Mu a gaban makirufo muke, lasifikar tana sama ta ba mu baya. Wallahi abin da maƙwabci ke ji ba shi muke ji ba. Waɗanda ke zuwa mana da magana kullum su ne masu cewa ba su ji ba, mai jin ya yi yawa kunya take hana shi. To a wane ɓangare kake zaton maɓalli zai riƙa tafiya?

Maman Walid, 'yata, rabin maganarki na karɓa. A fara da baki, wannan dole ne. Amma liman shi kaɗai sau da yawa ba ya iya canza komai. Wataƙila wani bawan Allah ne ya sayi kayan, taɓa su sai an shawarce shi. Wataƙila mai kunna karatun wani matashi ne mai himma da ba a son a kashe masa gwiwa. Takarda tana ba liman abin da zai ajiye a gaban kwamiti ba tare da an ce ra'ayinsa ba ne. Ka je wurinsa tukuna, ka gaya masa, ka ce idan ya ga dama za ka rubuto. Idan ya ce rubuto, to takardar ta zama da izininsa ta shigo. Ka miƙa ta hannu da hannu ga shugaba ko sakatare, kada ka manna a allo, kada ka tura a zauren waya na jama'ar masallaci.

Kuma ka gayyace su su zo su ji. Mutum biyu su tsaya a ɗakin mahaifinka a yi gwaji bayan la'asar. Na taɓa tsayawa a irin wannan ɗaki, wani ya yi kira da saitin da muke amfani da shi, ban ƙara buƙatar bayani ba.

Abbati:
Na fahimta yanzu, Yaya, Allah ya ba Baba lafiya. Amma har yanzu akwai abin da ke damuna. Kakata ba ta iya zuwa masallaci, karatun nan na kafin asuba da tunatarwar da ake yi su ne abin da take jira. Akwai mata da yawa haka. Idan an mayar da komai ciki, su fa?

Malam Na'ibi:
Tambaya ce mai nauyi, kuma za a yi ta a kwamiti. Ni abin da na fi natsuwa da shi shi ne tunkuɗe cuta yana gaba da jawo amfani, musamman da yake mai son karatu yana da rediyo da waya, mara lafiya kuwa ba shi da hanyar toshe bango. Amma na san malamai masu daraja da ke ganin fitar da karatu da wa'azi raya alamomin addini ne a unguwa, kuma ba zan ce ba su da abin riƙo ba.

Hajiya Uwa:
Ni ma ina cikin masu sauraro daga ɗaki, Abbati, kuma zan yi kewarsa. Sai dai ban san daɗin karatun da nake ji alhali wani dattijo yana can zuciyarsa na bugawa ba. Ko a bar minti goma kafin kira na biyu, a kan lasifikokin da ba su kalli gidan ba? Baban Sumayya, ka bar musu wannan ƙofar, kada ka ce dole a kashe duka.

Baban Sumayya:
Na gode ƙwarai. Ga yadda na sake ta:

"Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Shugaba da membobin kwamitin masallaci, ta hannun Malam Liman.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku godiya da addu'a a kan hidimar da kuke yi wa ɗakin Allah, ku da ladanai. Ni maƙwabcin masallaci ne kuma a bayan Malam nake sallah. Ina so in fara da bayyana cewa roƙona bai shafi kiran sallah ba, na farko ko na biyu. Da shi muke tashi, kuma muna son ya ci gaba.

Kamar yadda wasunku suka sani, mahaifina yana kwance yana jinya, barci kuma yana yi masa wuya. Lasifikar da ke ɓangaren gidanmu tana kallon tagar ɗakinsa kai tsaye daga kusan mita 15. Idan aka kunna kafin asuba yakan farka a firgice, ba ya kuma komawa. Na tabbata ba a san haka abin yake kaiwa ba, domin daga cikin masallaci ba a jin yadda yake a ɗakin.

Ina roƙon alfarma uku, ku duba wadda ta sauƙaƙa. A kautar da bakin wannan lasifika ɗaya daga tagar, ko a sauke ƙarfinta ita kaɗai. A sa makunni ta yadda sallah da azkar za su tsaya a lasifikar ciki, karatun kafin kira kuma a taƙaita shi a waje gwargwadon yadda kuka ga ya dace. A kuma sa mai gyara ya daidaita na'urar, domin muryar tana tsagewa. Na ɗauki nauyin kuɗin aikin idan kun amince, kuma ku za ku zaɓi mai yi.

Zan so wakilai biyu su zo ɗakin su ji da kunnensu a lokacin da ya yi muku. Idan an gyara, a gwada na mako biyu, a tambayi na nesa ko suna jin kira. Idan ba sa ji, a sake dubawa.

A wurinku muka ji hadisin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana masu karatu su ɗaga murya a kan juna, shi ya ba ni ƙarfin gwiwar kawo muku wannan. Idan akwai kalmar da ba ta dace ba, ku yafe ni. Allah ya saka muku da alheri.

Naku, suna, lambar waya da kwanan wata."

Dattijo Ladan:
Wannan idan ta zo gabanmu za a karanta ta har ƙarshe. Gyara ɗaya: batun kuɗi ka cire shi daga takarda, ka faɗa wa shugaba a baki. A rubuce wani zai ji kamar ana nuna masallaci ya gaza, ko kuma an sayi hukunci.

Mai Sauti:
Baba Ladan, a nan na saɓa maka da girmamawa. Sau da yawa na ga kwamiti ya amince, sai aiki ya kwanta watanni saboda babu wanda aka ce ya fitar da kuɗin makunni da waya. Idan yana rubuce, sakatare ba shi da abin jira. Ko ya sassauta ya ce yana son a ba shi damar shiga ladan gyaran.

Maman Walid:
Ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Ni dai sakin layin hadisin ne har yanzu nake jin tsoro, don shi ne wurin da mai neman rigima zai kama. Kuma idan sun yi shiru fa?

Dattijo Ladan:
Kwamitoci da yawa ba sa zama sai wata-wata. Ya tambayi sakatare ranar zamansu na gaba lokacin da yake miƙa takardar. Idan ranar ta wuce babu labari, ya koma wurin liman, ko ya nemi dattijon da shugaba ke jin nauyinsa. Juya lasifika ɗaya kuwa ba ya buƙatar zama, shugaba da ladan za su iya yi gobe, don haka ya fi matsawa a kan wannan.

Baban Sumayya:
Zan ga Malam Liman yau bayan isha'i in sha Allah, takardar tana aljihu, ba zan fito da ita ba sai ya nema. Zan ɗauki lafazin Mai Sauti a kan kuɗin. Hadisin kuma zan karanta wa Malam sakin layin in tambaye shi ko a bar shi ko a cire. Mai Sauti, idan sun yarda da gwajin, me zan ce a fara taɓawa, juyawar ko wat ɗin?

Mai Sauti:
Juyawar. Ka tsaya a ɗakin da wayarka, taga yadda take kwana, wani ya tsaya a gida mafi nisa da ake so kira ya kai, ladan ya maimaita jimla ɗaya da murya ɗaya. A juya kaɗan-kaɗan kuna waya da na kan tsani. Ka lura kada a kautar da ita daga tagarku a ɗora ta a kan ta wani, ko a kan dogon bango da zai dawo muku da sautin. Idan juyawa ta ba ka ƙasa da desibel 6, sai a sauke wat. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ku san wanne ya yi aiki ba. Kuma gwajin la'asar zai nuna maka ragin da aka samu a ɗakin ne kawai. Ko na nesa suna ji, wannan sai da asuba za a tabbatar.